Tambayoyi da amsoshi kan WSL da ya ƙi shiga Windows saboda an kashe Virtualization a BIOS

Na rubuta `wsl --install`, na sake kunna kwamfuta, sai Ubuntu ya tsaya da lamba 0x80370102. Me wannan lamba take nufi?

Lambar tana nufin Windows ta yi ƙoƙarin tayar da ƙaramar kwamfutar kwaikwayo da Linux zai zauna a cikinta, amma ta kasa. Saƙon da aka fi gani a baƙar tagar da Ubuntu, wanda wani nau'in Linux ne, ke buɗewa shi ne wannan:

```
WslRegisterDistribution failed with error: 0x80370102
Please enable the Virtual Machine Platform Windows feature
and ensure virtualization is enabled in the BIOS.
```

A sababbin fitowar WSL, wato Windows Subsystem for Linux da ke ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows, kalmomin sun ɗan canza, kuma a ƙarshen saƙon akan ga `HCS_E_HYPERV_NOT_INSTALLED` maimakon tsohuwar lambar, amma ciwon ɗaya ne. Abin lura shi ne saƙon ya ambaci abubuwa biyu a jumla ɗaya, wato wani sashe na Windows mai suna Virtual Machine Platform da kuma wani saiti da ke cikin BIOS, manhajar da ke fara aiki idan an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, bai kuwa faɗi wanne ne ya gaza ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke cire Ubuntu su sake saukewa sau biyu ko uku, suna ƙona data a banza, alhali fayilolin Ubuntu lafiyarsu ƙalau. Kafin a taɓa komai, a fara gano a wane mataki abin ya tsaya.

Me ya haɗa Linux da BIOS? Ai na ɗauka WSL manhaja ce kamar sauran manhajoji.

WSL iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne tushen wannan matsala. Na farko, wanda ya fara bayyana a Windows 10 a shekarar 2016, aikin tafinta yake yi: idan manhajar Linux ta nemi a buɗe mata fayil, sai ya juya buƙatar zuwa harshen da Windows take ji. Na biyu, wato WSL 2, wanda Microsoft ta sanar a 2019 kuma ya iso ga jama'a da Windows 10 fitowar 2004 a shekarar 2020, ya bar aikin tafinta gaba ɗaya. Shi yana tayar da ainihin zuciyar Linux ne a cikin wata ƙaramar kwamfutar kwaikwayo, wadda take amfani da furosesa da RAM na kwamfutar gaske amma aka killace ta daban.

Killacewar nan ba ta yiwuwa sai da taimakon furosesa da kansa, ta hanyar fasahar da ake kira Virtualization. Kamfanin Intel yana kiran wannan fasaha VT-x, kuma ya fara sa ta a furosesocinsa a 2005, shi kuwa AMD yana kiranta AMD-V, ya fito da ita a 2006. Da ita ne wata siririyar manhaja, wadda Windows take rubuta sunanta `hypervisor`, mu kuma za mu riƙa kiranta haifabaiza, take tashi tun kafin Windows ta gama tashi, ta raba furosesa tsakanin Windows da Linux ba tare da ɗaya ya shiga gonar ɗaya ba. Idan an kashe fasahar a BIOS, haifabaiza ba za ta tashi ba, kuma WSL 2 ba shi da inda zai tsaya. Tunda umarnin `wsl --install` WSL 2 yake zaɓa da kansa, duk wanda kwamfutarsa take a wannan hali zai ci karo da saƙon tun ranar farko.

Me ya sa Windows ba za ta kunna saitin da kanta ba, ko kuwa akwai wani umarni da zai yi haka?

Babu umarnin da zai kunna shi kai tsaye a cikin furosesa bayan Windows ta tashi, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera furosesan. A duk lokacin da aka kunna kwamfuta, BIOS ne yake fara aiki, sai ya rubuta a wani ƙaramin rajista na furosesa ko an yarda a yi amfani da fasahar ko ba a yarda ba, sannan ya kulle rajistan. A furosesocin Intel sunan rajistan `IA32_FEATURE_CONTROL`, kuma da zarar an kulle shi babu manhajar da za ta iya sauya abin da ke ciki, ko da tana da cikakken izinin admin, har sai an sake tayar da furosesan daga farko. An yi haka ne da gangan, domin kada wata muguwar manhaja ta kafa tata haifabaiza a ƙarƙashin Windows ta ɓuya a can.

Gaskiya ne cewa wasu kamfanoni suna da manhajojin da ma'aikatan kula da kwamfutocin ofis suke amfani da su wajen sauya saitin BIOS daga cikin Windows, amma su ma saƙo kawai suke ajiye wa BIOS, ba ya aiki sai an sake kunnawa. Ga mai kwamfuta ɗaya, shiga BIOS da hannu ya fi sauƙi kuma ya fi aminci. Duk wata manhajar da ba a san asalinta ba da ta yi alkawarin kunna saitin da dannawa ɗaya, shawarata ita ce a bar ta inda aka gan ta.

Yaya zan tabbatar cewa a BIOS matsalar take kafin in shiga can?

Hanya mafi sauri ita ce a danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, a shiga Performance, a zaɓi CPU, sannan a duba ƙasa ta hannun dama inda aka rubuta Virtualization. Idan an ga Disabled, to an kama ɓarawon, sai a nufi BIOS. Idan an ga Enabled, BIOS ya yi nasa aikin, a cikin Windows za a nemi matsalar.

Hanya ta biyu ta fi ba da cikakken bayani, ita na fi so. A buɗe PowerShell ko Command Prompt a rubuta `systeminfo`, a jira ya gama, a duba can ƙarshe inda aka rubuta Hyper-V Requirements. A kwamfutar da aka kashe wa saitin, abin da za a gani ke nan:

```
VM Monitor Mode Extensions: Yes
Virtualization Enabled In Firmware: No
Second Level Address Translation: Yes
Data Execution Prevention Available: Yes
```

Layi na farko da na uku suna magana ne a kan abin da furosesan zai iya yi tun daga masana'anta, layi na biyu kuwa yana magana a kan abin da BIOS ya yarda a yi. Saboda haka idan na biyu ne kaɗai yake ɗauke da No, gyaran bai wuce minti biyar ba. Idan dukkan layukan huɗu Yes ne, BIOS lafiya lau yake amma haifabaiza ba ta tashi ba, wanda ke nuna cewa saura aiki a cikin Windows. Idan kuma maimakon layukan huɗu aka ga jumlar da ta fara da `A hypervisor has been detected`, kada a firgita, domin albishir ne: haifabaiza ta riga ta tashi, kuma ba za ta iya tashi ba sai saitin BIOS yana kunne.

Ta yaya ake shiga BIOS? Ina danna maɓalli amma Windows takan riga ni tashi.

Kwamfutocin yanzu suna tashi da sauri ƙwarai, ga kuma saitin Fast Startup wanda yake sa Shut down ya zama ba cikakkiyar kashewa ba, don haka kama maɓallin a kan lokaci yana da wuya. Gara a bar Windows ta kai mutum har ƙofa. A riƙe Shift sannan a danna Restart, idan shuɗin shafi ya bayyana a zaɓi Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings, sannan Restart. Wanda ya fi son umarni zai iya buɗe PowerShell da Run as administrator, bayan ya adana duk aikin da yake yi, ya rubuta:

```
shutdown /r /fw /t 0
```

Hanyoyin nan biyu suna aiki ne kawai idan an sa Windows a tsarin UEFI, wato sabon tsarin BIOS. Ana gane haka ta buɗe `msinfo32` a duba layin BIOS Mode. Idan Legacy aka rubuta a wurin, zaɓin UEFI Firmware Settings ba zai bayyana ba, dole a koma ga maɓalli. A irin wannan hali a yi Restart, a fara danna maɓallin a kai a kai tun daga lokacin da fuskar kwamfutar ta yi baƙi, kada a jira tambarin kamfani ya wuce. A Dell da Acer F2 ne, a HP ana danna Esc sannan F10, a ThinkPad F1 ne, a IdeaPad F2 ne, wani lokaci tare da Fn, su kuwa kwamfutocin tebur da aka haɗa da hannu galibi maɓallin Delete suke amsawa.

Na shiga, amma ban ga kalmar da nake nema ba. Da wane suna saitin yake zuwa?

A nan ne mutane suka fi ɓata lokaci, domin kowane kamfani da sunan da yake ba shi da kuma lungun da yake ajiye shi. A kwamfuta mai furosesan Intel a nemi Intel Virtualization Technology, ko Virtualization Technology (VTx), ko Intel (VMX) Virtualization Technology. A mai furosesan AMD sunan da aka fi gani shi ne SVM Mode, wanda ko kalmar Virtualization babu a jikinsa, shi ya sa masu AMD da dama suke wucewa ta kansa su ce kwamfutarsu ba ta da shi.

Game da wurin da yake, a ThinkPad yana ƙarƙashin Security, a sashen Virtualization. A Dell akwai sashe guda mai suna Virtualization Support ko Virtualization kawai. A kwamfutocin HP na ofis yana cikin Advanced, sashen System Options, a na gida kuma galibi yana cikin System Configuration ko Configuration. A madabod na ASUS sai an danna F7 an shiga Advanced Mode, sannan Advanced, sannan CPU Configuration. A na MSI mai AMD akan same shi cikin OC, sashen CPU Features ko Advanced CPU Configuration. Tsarin shafukan yana canzawa daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka idan ba a same shi a inda aka faɗa ba, a bi shafukan da suka shafi CPU da Security ɗaya bayan ɗaya, ana karantawa ba tare da an sauya komai ba.

Kusa da shi akan ga wani saiti mai kama da shi, VT-d a Intel ko IOMMU a AMD. Wannan aikinsa killace na'urorin da ke haɗe da kwamfuta ne, kuma WSL 2 ba ya buƙatarsa kafin ya tashi. Kunna shi kaɗai a bar VT-x a kashe kuskure ne da ake yawan yi saboda kamannin sunayen.

Akwai haɗari? Kada in je in lalata kwamfutar ko in rasa fayilolina.

Kunna wannan saiti ba ya taɓa fayilolin da ke kan faifan ajiya, kuma ana iya mayar da shi yadda yake a kowane lokaci. Haɗarin yana cikin abubuwa biyu da ke kewaye da shi. Na farko shi ne taɓa abin da ba a zo dominsa ba. Wanda ya sauya saitin SATA daga RAID zuwa AHCI, misali, zai iya samun Windows ta ƙi tashi da saƙon `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`, haka kuma babu dalilin kashe Secure Boot ko share TPM saboda WSL. Idan hannu ya kuskure, a fita ta Discard Changes ko Ignore Changes a sake shiga daga farko.

Na biyu shi ne BitLocker, tsarin Windows na kulle faifan ajiya. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifan ajiya a kulle ba tare da mai ita ya sani ba, kuma wasu sauye-sauyen BIOS suna sa BitLocker ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48 kafin ya buɗe. Ba kowane lokaci ne wannan saiti yake jawo haka ba, amma wanda aka nema a wurinsa alhali ba shi da mabuɗin ya shiga uku, domin ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar ba zai iya buɗe masa ba. Saboda haka kafin a shiga BIOS a buɗe PowerShell da izinin admin a rubuta:

```
manage-bde -status C:
manage-bde -protectors -get C:
```

Umarni na farko zai nuna ko kariyar tana kunne, na biyu kuma zai fito da mabuɗin a ƙarƙashin Numerical Password. A kwafe shi a takarda ko a wata na'ura daban, domin ajiye shi a cikin kwamfutar da za ta kulle tamkar ajiye makulli ne a cikin ɗakin da aka garƙame.

Za a iya nuna yadda aikin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe a kan kwamfuta guda?

Mu ɗauki laftof HP EliteBook 840 G5 ta hannu, mai furosesan Core i5 da RAM gigabait 8, tana ɗauke da Windows 11. Mai ita ya rubuta `wsl --install`, ya yi Restart, Ubuntu ya buɗe ya tsaya da 0x80370102. Da ya duba Task Manager sai ya ga Disabled, `systeminfo` kuma ya nuna No a layin Virtualization Enabled In Firmware kaɗai, sauran ukun duk Yes. Daga nan ya san furosesan zai iya, BIOS ne ya hana.

Ya duba BitLocker ya ga yana kunne, ya kwafe mabuɗin a littafinsa, ya jona caja domin kada batir ya mutu a tsakiyar aiki, sannan ya rubuta `shutdown /r /fw /t 0`. Idan kwamfutar ta tsaya a jerin zaɓi na farko, sai ya danna F10 ya shiga BIOS Setup. A shafin Advanced ya buɗe System Options, ya tarar akwatin Virtualization Technology (VTx) babu alama a ciki, ya sa masa alama. Ya koma shafin Main ya zaɓi Save Changes and Exit, ya amsa Yes. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa da shi, sai mutum ya fita da Esc bai adana ba, ya dawo yana mamakin yadda babu abin da ya canza.

Bayan Windows ta tashi, Task Manager ya nuna Enabled, `systeminfo` kuma ya daina nuna layukan huɗu, ya koma cewa an gano haifabaiza. Bai sake sauke komai ba, ya buɗe Ubuntu daga Start kawai, sai Ubuntu ya ci gaba daga inda ya tsaya ya nemi sunan mai amfani da kalmar sirri. Da a ce Ubuntu bai bayyana a Start ba, `wsl --install -d Ubuntu` zai ƙarasa aikin. Domin tabbatarwa ya rubuta `wsl -l -v` a PowerShell ya ga 2 a ƙarƙashin VERSION, a cikin Ubuntu kuma `uname -r` ya fito da layin da ya ƙare da `microsoft-standard-WSL2`.

Task Manager yana nuna Enabled, amma saƙon yana nan daram. Ina zan duba kuma?

A fara da sashen Windows da saƙon ya ambata. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta `optionalfeatures`, a tabbatar akwai alama a kan Virtual Machine Platform. Idan babu, a sa ta, ko a yi amfani da `wsl --install --no-distribution` da izinin admin, sannan a yi Restart na gaske, domin sashen ba ya fara aiki sai kwamfuta ta sake tashi. Ba a buƙatar sa cikakken Hyper-V, manhajar Microsoft ta gudanar da kwamfutocin kwaikwayo, shi ya sa WSL 2 yake aiki har a Windows Home wadda ba ta da shi.

Idan sashen yana kunne amma `systeminfo` har yanzu yana nuna layukan huɗu da Yes, to wani abu ya hana haifabaiza tashi. Mafi yawan lokuta wani ne ya taɓa kashe ta a baya, watakila domin wata manhajar kwaikwayon wayar Android ko tsohon VirtualBox su yi aiki, ya kuma manta. Ana dubawa da gyarawa da waɗannan umarni biyu, da izinin admin:

```
bcdedit /enum | findstr -i hypervisorlaunchtype
bcdedit /set hypervisorlaunchtype auto
```

Idan na farko ya nuna Off, a rubuta na biyu a yi Restart. Ya kamata kuma a karanta lambar kuskuren da kyau, domin ba kowace lamba ce take nuni ga BIOS ba. Lamba 0x8007019e tana nufin ba a kunna sashen Windows Subsystem for Linux ba, ita kuwa 0x800701bc tana nufin zuciyar Linux ɗin tana bukatar sabuntawa, wanda `wsl --update` yake magancewa.

Na kunna a BIOS na adana, amma Windows tana ci gaba da nuna Disabled. Ko kuma ya yi aiki kwanaki sannan ya koma.

Idan tun farko bai kama ba, a sake shiga BIOS a ga ko saitin ya zauna. In ya zauna, a kashe kwamfutar gaba ɗaya ta hanyar riƙe Shift yayin danna Shut down, a zare ta daga wuta na ɗan lokaci, sannan a kunna. Wasu kwamfutoci, musamman tsofaffi, ba sa sakin kullen rajistan da aka ambata a sama sai wuta ta yanke wa furosesan gaba ɗaya.

Idan kuwa ya yi aiki sannan ya koma, abu biyu ake zargi. Sabunta BIOS yakan mayar da saituna yadda suka fito daga masana'anta, kuma a madabod da yawa, musamman tsofaffi, hakan yana nufin a kashe. Na biyu shi ne ƙaramin batirin madabod, wanda a kwamfutar tebur galibi CR2032 ne mai kama da kwabo. Idan ya mutu, kwamfutar takan manta saitunanta duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma alamar da ba ta ɓuya ita ce agogo da kwanan wata su ma suna rikicewa. Canza batirin a sake kunna saitin shi ne maganin.

BIOS yana neman kalmar sirri, ko saitin ya dushe ba ya taɓuwa. Me zan yi?

Idan kwamfutar ta wurin aiki ce ko ta makaranta, masu kula da kwamfutocin ne suka kulle, kuma su za a nema, domin ƙetare kullen na iya saɓa wa ƙa'idar wurin. Idan ta hannu ce aka saya, sau da yawa kalmar sirrin ta kamfanin da ya fara amfani da ita ce, kuma cire batirin madabod ba ya goge ta a laftof na ofis irin ThinkPad da EliteBook da Latitude na zamani. A koma wurin wanda ya sayar. Mai niyyar sayen ta hannu domin aikin Linux ya nemi a shiga BIOS a gabansa kafin ya biya kuɗi, ya ga cewa ana iya sauya saiti a adana.

Idan furosesan ne bai iya ba fa?

Ana gane haka idan `systeminfo` ya nuna No a layin VM Monitor Mode Extensions ko Second Level Address Translation. Na biyun ne yake yaudarar mutane, domin akwai furosesoci irin Core 2 Duo da yawa da suke da VT-x, har BIOS ya nuna an kunna, amma ba su da wannan ƙarin fasahar sarrafa RAM da Intel ta fara sawa a zuriyar Nehalem a 2008 da sunan EPT. Haifabaizar Windows ba ta tashi sai da ita, kuma babu saiti ko sabuntawar da za ta ƙara ta.

Mafita a nan ita ce WSL 1, wanda ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. A kunna Windows Subsystem for Linux a `optionalfeatures`, a yi Restart, sannan a rubuta:

```
wsl --set-default-version 1
wsl --install -d Ubuntu
```

WSL 1 ya isa ga koyon umarnin Linux, da Git, da Python, da SSH, har ma ya fi WSL 2 sauri wajen aiki da fayilolin da ke ɓangaren Windows. Iyakarsa ita ce ba shi da ainihin zuciyar Linux, saboda haka Docker da systemd ba sa aiki a cikinsa, kuma wasu manhajoji na sababbin fitowar Ubuntu sukan ba da matsala a kansa. Wannan hanya tana kuma amfanar wanda BIOS ɗinsa yake kulle kafin ya samu a buɗe masa, domin daga baya `wsl --set-version Ubuntu 2` zai mayar da shi WSL 2 da fayilolinsa.

Windows ɗin da nake amfani da ita ita ma a cikin kwamfutar kwaikwayo take. Ina BIOS ɗinta?

A wannan hali ba BIOS ake nema ba, kwamfutar da ke ɗauke da ita ce za ta ba ta izinin ganin fasahar furosesan. Idan Hyper-V ne, a kashe kwamfutar kwaikwayon, sannan a kan uwar kwamfutar a rubuta wannan a PowerShell da izinin admin, a sa ainihin sunanta a wurin SUNA:

```
Set-VMProcessor -VMName SUNA -ExposeVirtualizationExtensions $true
```

A VMware Workstation akwai akwati a saitin Processors mai suna Virtualize Intel VT-x/EPT or AMD-V/RVI. Idan kuma sabar haya ce ta intanet, sai an zaɓi nau'in da kamfanin ya ce yana ɗaukar kwaikwayo cikin kwaikwayo, domin ba kowane nau'i ne yake ɗauka ba.

Bayan na kunna, kwamfutar za ta rage sauri, ko VirtualBox da VMware za su daina aiki?

Saitin BIOS ɗin shi kaɗai ba ya cin komai, izini ne kawai. Abin da ake ji a jiki shi ne RAM da WSL 2 yake ɗauka lokacin da yake aiki, wanda a sababbin fitowa zai iya kaiwa rabin RAM na kwamfutar, wato gigabait 4 a mai gigabait 8. Umarnin `wsl --shutdown` yana sakin sa nan take, kuma ana iya sa masa iyaka a fayil ɗin `.wslconfig` da ake ajiyewa a babban foldar mai amfani ta Windows:

```
[wsl2]
memory=3GB
```

Game da sauran manhajojin kwaikwayo, da zarar haifabaizar Windows ta tashi ita ce take riƙe da VT-x ko AMD-V, sauran kuma sai su bi ta hannunta. VMware Workstation ya iya haka tun daga fitowar 15.5.5, VirtualBox kuma tun daga fitowa ta 6, amma tsofaffin fitowa za su ƙi tashi, wasu ma su yi ƙorafin cewa babu VT-x alhali yana kunne. A VirtualBox, idan aka ga hoton ɗan koren kunkuru a ƙasan taga, alama ce cewa yana bi ta haifabaizar Windows, kuma saurinsa yakan ragu. Wanda yake buƙatar cikakken saurin VirtualBox na wani lokaci zai iya rubuta `bcdedit /set hypervisorlaunchtype off` ya yi Restart, amma ya sani cewa WSL 2 zai dawo da saƙon nan na farko har sai ya mayar da shi `auto` ya sake kunna kwamfutar.